Yadda Ake Lissafin Kason Albashin da Fansho Zai Maye, da Yadda Ake Gane Ko Zai Wadatar

Idan kamfanin da ke kula da asusun fanshon ma'aikaci ya sanar da shi cewa zai riƙa karɓar naira 120,000 a kowane wata bayan ya yi ritaya, wannan adadi shi kaɗai bai gaya masa komai ba tukuna. Ga wanda yake ɗaukar albashin naira 150,000, kuɗin sun kusa riƙe gidansa kamar yadda yake. Ga wanda yake ɗaukar naira 400,000 kuwa, sun nuna cewa rayuwar gidan za ta sauya tun daga watan farko. Abin da ke bayyana wannan bambanci shi ne kason maye gurbin albashi, wato kashi nawa cikin ɗari na albashin ƙarshe ne fansho yake biya. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba fanshon wata da albashin watan ƙarshe, sannan a ninka abin da ya fito sau ɗari. Wahalar tana wajen zaɓen lambobin da za a saka, domin mutum ɗaya mai fansho ɗaya yana iya samun amsa uku daban-daban, kuma guda ɗaya ce kawai take nuna abin da zai iya saya a kasuwa.

A Nijeriya wannan lissafi ya zama dole ne tun daga shekarar 2004. A tsohon tsarin ma'aikatan gwamnati, doka ce take yanke kason tun kafin mutum ya bar aiki: wanda ya yi shekara 10 yana samun kashi 30, ana ƙara kashi 2 a kan kowace shekara, har wanda ya cika shekara 35 ya kai kashi 80, ga kuma garatuti a gefe. Dokar gyaran fansho ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2014, sun juya al'amarin. Yanzu abin da doka ta yanke shi ne kuɗin da ake zubawa, kashi 8 daga ma'aikaci da aƙalla kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki, amma abin da zai fito a ƙarshe ya dogara ne da yawan abin da ya taru a asusun da ribar da ya haifar. Don haka babu wanda ya yi wa ma'aikaci alkawarin wani kaso, shi ne zai zauna ya fitar da nasa.

Za mu bi lissafin da misalin wani ma'aikaci da muka ƙaddara, mai shekara 60 da haihuwa, wanda zai bar aiki a wani kamfani a Kano. Lambobinsa na misali ne, kowa sai ya saka nasa a gurbinsu.

Mataki na farko: fitar da albashi uku daga takardar albashi

A ɗauko takardar albashin watan ƙarshe, ko kuma ta watanni goma sha biyu na ƙarshe a raba jimillarsu gida goma sha biyu idan akwai alawus ɗin da ba kowane wata ake biya ba. Daga cikinta za a fitar da lambobi uku. Na farko shi ne jimillar albashi kafin a cire komai, wanda a misalinmu naira 400,000 ne. Na biyu shi ne ɓangaren da ake cire kuɗin fansho a kansa. Doka ta ce wannan ɓangare kada ya gaza tushen albashi da alawus na gida da na sufuri, kuma wurare da yawa a nan suke tsayawa. Mutuminmu yana da tushen albashi naira 160,000, alawus na gida 80,000, na sufuri 40,000, jimilla 280,000. Ragowar 120,000 kuwa alawus ne na abinci da hutu da makamantansu, waɗanda ko sisi ba a taɓa zuba wa asusun fansho a kansu ba.

Na uku shi ne abin da ke shiga hannu bayan an cire haraji da sauran cirar da doka ta tanada. A nan an cire kuɗin fansho naira 22,400, kuɗin asusun gidaje na ƙasa 4,000, da haraji 49,600, saura naira 324,000. A kula da kyau, bashin banki ko na ƙungiyar adashen ma'aikata da ake cirewa daga albashi ba ya cikin abin da za a debe a wannan mataki, domin kuɗin mutum ne da ya riga ya kashe ko yake tarawa. Wanda ya ɗauki saƙon da banki ya turo masa a waya a matsayin albashinsa, alhali an riga an zare bashi a ciki, zai ƙaranta albashin nasa, sai kason ya fito ya fi gaskiyarsa kyau.

Mataki na biyu: samo ainihin fanshon wata

Wannan adadi daga kamfanin fansho ake nemansa, kuma ya kamata a nema a rubuce. Mai ritaya yana da hanya biyu. Ko dai ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fanshon ana biyansa kaɗan-kaɗan bisa jadawalin da hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta tsara, ko kuma ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora wanda zai ɗauki alkawarin biyansa har ƙarshen rayuwarsa. Kowace hanya tana ba da adadinta, don haka a karɓi lissafin duka biyun kafin a sa hannu a ko'ina.

Abin da ya fi rage fanshon wata shi ne dunƙulallen kuɗin da ake karɓa a farko. Mu ƙaddara cewa asusun mutuminmu ya tara naira miliyan 18, kuma kamfanin ya gaya masa cewa idan bai ɗauki komai a dunƙule ba zai riƙa samun naira 160,000 a wata. Idan aka ba shi damar ɗaukar kashi 25, wato naira miliyan 4 da rabi, saura miliyan 13 da rabi ne za su haifar da fansho, sai adadin wata ya sauko zuwa naira 120,000. Dunƙulallen kuɗin nan ba kyauta ba ce irin garatutin tsohon tsari, daga cikin asusun mutum ake yanko shi, kuma a wannan misali farashinsa naira 40,000 ne a kowane wata har iya tsawon biyan. Ba na cewa ɗaukarsa kuskure ne. Wanda zai ƙarasa ginin gidansa da shi ya daina biyan haya ya yi ciniki mai kyau. Amma wanda zai kashe shi a hidimar biki ko motar hawa, ya kamata ya san cewa kashi ɗaya cikin huɗu na abincin tsufansa ya kashe.

Mataki na uku: raba lambobin, a san wace amsa za a riƙe

Idan aka raba 120,000 da jimillar albashi 400,000, amsar kashi 30 ce. Idan aka raba da ɓangaren da ake cire fansho a kansa, 280,000, amsar ta kusa kashi 43. Idan kuma aka raba da abin da ke shiga hannu, 324,000, amsar kashi 37 ce. Duka ukun daidai suke a lissafi, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Kashi 43 shi ne wanda ya fi daɗin ji, kuma shi ne ya fi yaudara, domin ya yi kamar naira 120,000 na sauran alawus ba su taɓa shiga tukunyar gidan ba. Duk lokacin da wani ya ambaci kaso, tambayar farko ita ce a kan wane albashi aka raba. Kashi 30 yana da amfani idan ana kwatanta tsari da tsari ko ƙasa da ƙasa, amma yana ɗan tsananta hoton, tunda mai ritaya ba zai ci gaba da zuba kuɗin fansho ba, kuma dokar 2014 ta keɓe fanshon wata daga haraji. Kashi 37 shi ne na gida: abin da zai shiga hannu gobe idan aka gwada shi da abin da ke shiga hannu yau. Wannan za mu riƙe daga nan zuwa gaba. Da mutumin bai ɗauki dunƙulallen kuɗi ba, da kason nasa ya kai kusan kashi 49.

Mataki na huɗu: auna kason da ma'auni

Akwai ma'aunai biyu da aka fi ambata. Yarjejeniya mai lamba 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1952, ta sa kashi 40 na abin da mutum yake samu a da a matsayin mafi ƙarancin fansho ga wanda ya yi shekara 30 yana zubi, yarjejeniya mai lamba 128 ta 1967 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 45. Wannan iyakar ƙasa ce, ba matsayin wadata ba. Ma'auni na biyu shi ne abin da masu ba da shawarar kuɗi a Turai da Amurka suka saba faɗa, cewa mai ritaya yana buƙatar kashi 70 zuwa 80. Wannan ƙiyasi ya ginu ne a kan mutumin da ya gama biyan kuɗin gidansa, 'ya'yansa sun kama gabansu, kuma akwai tsarin lafiya da ke ɗauke masa yawancin kuɗin asibiti. Magidancin da ya kai shekara 60 yana da yara a sakandare da jami'a, ga 'yan mata da za a yi wa kayan ɗaki, ga dangi da ke zaune a ƙarƙashinsa, ba shi ne mutumin da aka yi wa wannan ƙiyasi ba.

Saboda haka ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne wanda mutum ya fitar daga kasafin gidansa. A fara da abin da ke shiga hannu yau, a debe abin da zai ƙare da ƙarewar aiki, sannan a ƙara abin da zai taso. Mutuminmu yana kashe naira 35,000 a man mota na zuwa wurin aiki, naira 10,000 a abincin rana da suturar ofis, kuma yana biyan bashin ƙungiyar ma'aikata naira 40,000 wanda zai ƙare kafin ya tafi. Idan aka debe waɗannan daga 324,000, saura 239,000. A ɗaya ɓangaren, inshorar lafiyar da kamfani ke biya masa za ta tsaya, shi kuma yana shan maganin hawan jini a kullum, ga gwaje-gwaje da ganin likita, sai ya ware naira 25,000. Buƙatarsa ta zama naira 264,000 a wata, wato kashi 81 na abin da yake karɓa yanzu. Yana buƙatar kashi 81, fansho ya ba shi kashi 37, giɓin da ke tsakani naira 144,000 ne a kowane wata.

Wajen yin wannan kasafi, inda aka fi yin kuskure shi ne hidimomin da ba na wata-wata ba: kuɗin makaranta na zango, ragon layya, ɗinkin sallah, haya ta shekara, gyaran rufin ɗaki kafin damina. A tara su na shekara guda, a raba gida goma sha biyu, a tabbatar suna cikin lissafin. Haka kuma a rubuta shekarar da kowace hidima za ta ƙare, domin kuɗin makarantar yaron da saura masa shekara biyu ba ɗaya yake da na wanda yanzu ya shiga aji ɗaya ba.

Mataki na biyar: ƙara sauran hanyoyin samun kuɗi

Ana ƙara abin da yake tabbatacce ne kawai, kuma ribarsa ake ƙarawa bayan an cire ɗawainiya. Mutuminmu yana da shagon da yake karɓar hayar naira 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata, da gonar da ke bar masa kimanin 240,000 a shekara bayan kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, wato 20,000 a wata. Jimillar abin da zai samu ta zama naira 170,000, kason ya hau zuwa kashi 52, giɓin ya ragu zuwa 94,000. Sana'ar da ake niyyar farawa bayan ritaya ba ta shiga nan, haka ma taimakon da ake sa rai daga 'ya'ya, har sai sun zama abin da aka gani yana shigowa a kai a kai.

Mataki na shida: gwada kason da tsadar kaya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Duk kason da muka fitar a sama hoton rana ɗaya ne, ranar ritaya. Albashin wanda ke bakin aiki yana ɗan bin farashin kaya, ko da a makare, kamar yadda aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Fansho kuwa yawanci yana tsaye a inda aka yanke shi. Waɗanda suka bar kuɗinsu a hannun kamfanin fansho suna samun ƙari lokaci-lokaci idan asusunsu ya yi riba mai yawa, amma ba alkawari ba ne, kuma ba a ɗaure shi da farashin kasuwa ba. Wanda ya zaɓi inshora ya sami tabbacin cewa biyan ba zai yanke ba muddin yana raye, sai dai adadin da aka rubuta masa a yarjejeniya shi ne abin da zai dogara da shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin illar wannan. A raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, amsar ita ce kimanin shekarun da darajar kuɗi za ta ragu zuwa rabi. Idan kaya suna tashi da kashi 15 a shekara, cikin kusan shekara 5 naira 120,000 za ta sayi abin da 60,000 take saya a yau, kason nan na kashi 37 ya koma kusan 18. Bayan wasu shekara biyar ya koma kusan 9, a lokacin mutumin yana da shekara 70, lokacin da kuɗin magani ke ƙaruwa ƙarfin noma kuma yana raguwa. Kashi 15 ɗin ma ba tsauraran zato ba ne, tunda alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Wanda ya yi ritaya a farkon 2023, kafin a cire tallafin man fetur, ya ga wannan lissafi da idonsa a wajen mai awon shinkafa ba tare da ya taɓa alƙalami ba.

Ana iya kallon abin ta wata fuska don a gane daga ina adadin wata yake fitowa. Idan aka raba naira miliyan 18 kai tsaye a kan wata 240, wato shekara 20, kowane wata zai sami naira 75,000 kacal. Kamfanin ya iya cewa 160,000 ne saboda ya lissafa ribar da ragowar kuɗin za su ci gaba da haifarwa. To idan wannan riba ba ta wuce tashin farashi ba, ba ƙarin arziki ba ce, cike gurbin darajar da ta zube ne kawai. Ma'ana, idan ana son fanshon da ƙarfin sayensa zai dawwama shekara 20, abin da asusun nan zai iya ɗauka ya fi kusa da 75,000 a kuɗin yau, wato kashi 23 na abin da ke shiga hannu. Adadin da aka yanke a farko ya fi haka ne domin shekarun farko suna cin rabon shekarun ƙarshe. Shi ya sa nake ganin bai kamata kowa ya tsaya a kaso ɗaya ba: a rubuta na shekarar farko, na shekara ta biyar da na ta goma a jere, sannan a duba su tare. A nan ne kuma darajar shago da gona take fitowa fili, domin haya da farashin hatsi suna tashi tare da kasuwa.

Mataki na bakwai: ga wanda yake da sauran shekaru a bakin aiki

Wanda bai kusa ritaya ba zai iya ƙiyasta kasonsa ba tare da na'ura ba. A raba abin da ke cikin asusun da albashin shekara guda na ɓangaren da ake cire fansho a kansa. A misalinmu, miliyan 18 a kan miliyan 3 da dubu 360 ya ba da kimanin albashin shekara biyar da 'yan watanni. Wannan ya dace da abin da hankali zai ba da: idan ribar asusu tana tafiya daidai da ƙarin albashi, zubin kashi 18 na shekara 30 zai tara albashin shekara 5.4, wanda idan aka shimfiɗa shi a kan shekara 20 na ritaya zai ba da kashi 27 na ɓangaren albashin da ake cire fansho a kansa. A kan wannan ƙiyasi, kowane ƙarin kashi 1 da mutum ya zuba na ganin dama tsawon shekara 30 yana ɗaga kasonsa da maki ɗaya da rabi, wanda ya fara saura shekara 10 kuwa rabin maki kawai zai samu. Haka nan, wanda aka yi wa babban ƙarin girma dab da ritaya zai ga kasonsa ya faɗi, ba don an zalunce shi ba, sai don yawancin zubinsa an yi shi ne a kan ƙaramin albashi.

Idan lissafin ya fito ƙasa sosai da abin da shekarun aiki suka kamata su tara, to akwai inda ke yoyo, kuma bayanin asusu ne zai nuna shi. A nemi cikakken bayani tun daga ranar buɗe asusun, a jera shi kusa da takardun albashi, a bi wata bayan wata. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, kuma ta sa tarar da ba ta gaza kashi 2 a wata ba a kan abin da aka riƙe. Watan da takardar albashi ta nuna an cire amma bayanin asusu bai nuna ya shiga ba, shi ne za a rubuta wa ofishin albashi a kansa, idan ba a gyara ba a kai ƙara PenCom da kwafin takardun biyu. A duba kuma ko kason mai ɗaukar aiki yana shiga cikakke, domin wanda ake cire wa 22,400 ya kamata ya ga aƙalla 50,400 sun shiga asusunsa a watan. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya fara aiki kafin tsakiyar 2004 yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda ake zuba masa a asusu lokacin ritaya, don haka sai an haɗa da shi lissafin zai cika. Ma'aikacin jiha kuwa ya fara tabbatar da dokar da jiharsa take bi, tunda jihohi ba tsari ɗaya suke kai ba.

Abu na ƙarshe da ke rage asusu shi ne cirar da doka ta halatta kafin ritaya. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya ɗaukar har kashi 25, haka ma wanda zai biya kafin alƙalami na bashin sayen gida. Kafin a cike takardar, a maimaita mataki na biyu da na uku da ragowar kuɗin, a ƙara da ribar shekarun da kuɗin da aka cire ba za su haifar ba, domin naira miliyan ɗaya da aka zare a shekara 45 ta fi miliyan ɗaya da aka zare a shekara 60 rage fanshon wata.